Rage kalmomi 400 ba tare da taɓa ƙashin labari ba

«Labarina ya kai kalmomi 1900, masu gasar sun ce kada a wuce 1500. Ta yaya zan rage ba tare da na yanke wani fitowa ba? Ina Maradi, sati ɗaya ya rage mini.»

Ƴar'uwa, ajiye kwafi ɗaya gefe tukuna, sannan ki fara da babban maimaici, kada ki fara da tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Nemi wurin da aka faɗi abu sau biyu. Misali mai karatu ya ga rigimar da Hadiza ta yi da mai awo a babbar kasuwa, sai ta koma gida ta kwashe komai ta gaya wa uwarta. Wannan na biyun layi ɗaya ya ishe shi: «Ta gaya wa Inna yadda suka yi.» Abin da za ki bari shi ne amsar Inna, don ita ce sabuwa. Nan kaɗai kan ba da kalmomi 150 zuwa 180.

Sai gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, duk mun san su. Bar guda ɗaya inda take nuna wani abu, kamar kishiya da ta amsa a daƙile, sauran ki ce «suka gaisa». Kusan 70 ke nan.

Daga nan ki shiga cikin jimloli, inda muka saba jera abu ɗaya da riguna uku. Duba wannan: «Sai Hadiza ta ji baƙin ciki da takaici ya kama ta, ranta ya ɓaci ƙwarai da gaske, har ta fara kuka tana zubar da hawaye.» Kalmomi 25 ne. «Takaici ya kama Hadiza, ta fashe da kuka» kalmomi 8 ne, kuma babu abin da ya ɓace. Jimloli ashirin, ki cire biyar-biyar, kin sami 100.

Ragowar 50 tana cikin «sai ya ce» da «sai ta ce masa». Danna Ctrl+F a Word ki neme su. Idan mutum biyu ne kawai ke magana, bayan layi biyu na farko mai karatu ya san mai bi wa wani. Idan uku ne, ki bar su, in ba haka ba za a rasa wa ke magana. Ki duba «ya na» da «su na» ma: a haɗe ake rubuta su, kuma Word tazara yake ƙirgawa. Adadin kalmomin za ki gan shi a Word, cikin Révision, sannan Statistiques.

Inda ake yin ɓarna shi ne a goge ambaton farko a bar na biyu. Idan zoben da zai tona asiri a ƙarshe an ambace shi sau uku, na farko da na ƙarshe dole su zauna, na tsakiya ne zai tafi. Haka idan kin cire suna, karanta da ƙarfi ki ji ko «ta» tana komawa ga Hadiza ko ga Inna. Amshin waƙa da kirari kuwa da gangan ake maimaita su, kada ki taɓa su sai in 400 ɗin ta ƙi cika.