Manhaja ta ce kuɗi sun tafi, banki ya ce bai gani ba

Malam, yayana ya turo mini dala 500 daga bankinsa a Saudiyya ranar Alhamis da yamma. Manhajarsa ta nuna "Sent", har ya aiko mini da hoton. Yau Talata ban ga alat ba, kuma bankina sun ce babu abin da ya shigo. Ya soke ya sake turawa ne?

A'a 'yar'uwa, kada ya taɓa komai tukuna. Wannan "Sent" ɗin tana haɗa 'yan'uwa rigima ba gaira ba dalili, kuma abin yana damuna ƙwarai. Abin da kawai take nufi shi ne bankin yayanki ya karɓi umarni, ya cire kuɗin daga asusunsa. Kamar a ce miki mota ta tashi daga tasha ne, ba wanda ya ce ta isa.

Mu ƙirga kwanakin tare. Kowane banki yana da lokacin da yake rufe aika kuɗi zuwa waje a kullum, abin da ya zo bayan wannan lokaci sai ranar aiki ta gaba. Yayanki ya tura Alhamis da yamma, da wuya a ce ya riski lokacin. Juma'a da Asabar hutun ƙarshen mako ne a Saudiyya. Ranar Lahadi bankinsa ya buɗe, amma tunda dala ce, akasari sai ta bi ta wani bankin tsakiya a Amurka, wato banki mai shiga tsakanin bankinsa da naki, su kuma Asabar da Lahadi suke hutu. Ke nan sai Litinin kuɗin suka fara motsi na gaske. Ke kina ganin kwana biyar, a lissafin banki kuwa yau ce rana ta biyu. Irin wannan turawa ta banki zuwa banki takan ɗauki kwanakin aiki ɗaya zuwa biyar, don haka har yanzu ba a makara ba.

Shi kuwa hoton da ya aiko miki, ki ajiye shi don tarihi. In kin kai wa ma'aikacin banki, zai duba asusunki ne kawai ya ce babu, domin ba ki ba shi abin da zai yi bincike da shi ba. Abin da za ki nema wurin yayanki shi ne takardar shaidar turawa ta SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon kuɗi, wadda ma'aikatan banki suka fi sani da MT103. Sai ya roƙa a bankinsa, ba kasafai take fitowa a manhaja da kanta ba. A jikinta akwai lambar UETR, wato jerin haruffa da lambobi masu tsawon 36 in an haɗa da 'yan layukan da ke raba su. Wannan lamba ita ke bin kuɗin daga bankin farko har na ƙarshe ba ta canzawa, kuma da ita kowane banki a cikin jerin zai iya ganin inda suka tsaya. Ki kuma duba "Value date" a takardar, daga wannan ranar ake fara ƙirga, ba daga ranar da ya danna maɓalli ba.

Da wannan lamba, yayanki ya ce wa bankinsa su duba masa matsayin kuɗin. Amsa uku ce za ta iya fitowa. ACSP na nufin suna kan hanya, kuma ya tambayi wane banki ne ke riƙe da su a yanzu. ACCC na nufin an zuba su a asusun mai karɓa, to a nan ki buɗe manhajar bankinki ki duba da idonki, domin saƙon alat yakan ƙi zuwa alhali kuɗi na ciki. RJCT kuwa an ƙi karɓa ke nan, za su koma wa mai su.

Idan ACSP ce kuma aka ce sun riga sun iso bankinki, to matsalar tana gida. Ki tafi da takardar, ki nemi sashen da ke kula da kuɗin waje, ba mai karɓar kuɗi a kanta ba. Yawanci abu biyu ne ke tsayar da su a wannan gaɓa: sunan da aka rubuta bai yi daidai da na asusu ba, ko kuma an turo dala zuwa asusun da ba ya karɓar dala. Wani lokaci ma tambayar dalilin turowar kawai suke son yi miki, suna ta kiran tsohuwar lambar wayar da kika daina amfani da ita.

Sokewa kuwa ita ce mafi muni a cikin zaɓin da kuke da su. Da zarar kuɗi sun bar bankin farko, sokewa roƙo ce da ake aika wa bankunan da ke gaba, ba umarni ba. Dawowar takan fi tafiyar daɗewa, ana iya cire caji a hanya, kuma idan an yi canji, ba lallai a mayar masa da farashin da ya saya ba. In ya sake tura wasu kafin na farko su dawo, ya ɗaure dala 1,000 a hanya. Ku jira kwanakin aiki biyar daga "Value date", in shiru, shi mai turawa ne zai buɗe ƙorafi a bankinsa, don shi ne abokin cinikinsu. Nan gaba kuma ki ce masa ya riƙa turawa Litinin ko Talata da safe. Na sha faɗa a wannan fili, kuma zan ci gaba da faɗa.

An turo mini dala 300, amma 280 suka shigo. Wa ya ci 20?

Ba wanda ya ci, Malam, bar zargin ɗan'uwanka. Duba takardar turawar, za ka ga SHA ko BEN a wurin caji, ma'ana bankunan tsakiya suna da damar cire ladansu daga cikin kuɗin. In kana son su iso cif, mai turawa ya zaɓi OUR, ya biya cajin daga can.

Shafin bin sawu ya nuna kuɗina suna nan a shirye, amma wakilin kamfanin turo kuɗin ya hana ni saboda an rubuta Mohammed, katina kuma Muhammad.

Wakilin ya yi daidai, kuma ba shi da ikon gyarawa. Wanda ya turo ne zai gyara sunan ta manhaja ko a wurin da ya biya, harafi da harafi kamar yadda yake a katinka. Lambar karɓa kuma, MTCN mai lambobi 10 ta Western Union ko mai 8 ta MoneyGram, ba ta shiga zauren WhatsApp na dangi. Kai da mai turawa kaɗai.

'Yata ta ce manhaja ta nuna "On hold" kwana uku. Sai wani ya kira ni ya ce in biya kuɗin sakewa.

Baba, kada ka ba shi ko sisi, ɗan damfara ne. Ba a sakin kuɗin da aka dakatar ta hanyar biyan wani a waya. Dakatarwar bincike ce a ɓangaren mai turawa: ana son katin shaidarta, ko bayanin inda kuɗin suka fito, ko alaƙarta da kai. 'Yarka ta duba imel ɗinta har da akwatin "Spam", ta ɗora takardun da aka nema ta cikin manhajar kanta, ba ta wani adireshi da aka aiko mata a saƙo ba.