Silaid ɗaya tilo na awa biyu

"Oga barka da yamma. Wani malami ya ce in yi masa rikodin lacca ran Asabar, yana so silaid ya cika fuskar allo shi kuma a riƙa ganinsa ɗan ƙarami a kusurwa. Na sauke manhajar rikodi ta OBS amma ban san ta yadda zan tsara scenes ɗin ba. A taimaka."

Kai ɗan nan, wata nawa kana bina kana ɗaukar jaka, duk sanda nake haɗa kaya kana can kana latsa waya, yau Alhamis kake tambayata aikin Asabar. To shi ke nan. Yadda ake danna alamar + a ƙarƙashin Scenes da Sources ba zan tsaya koya maka ba, ko ƙanenka zai iya. Scene biyu sun ishe ka, ɗaya silaid da ƙaramar kyamara, ɗaya kyamara zalla don gabatarwa da lokacin tambayoyi. Yaran yanzu sai su jera scene bakwai da walƙiya da tambari yana juyawa, ranar aiki kuma su rasa wanne za su danna.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne wajen kamo silaid, don nan aka taɓa cin kuɗina kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wani malami ne ya kira ni, laccar awa biyu, muka yi ciniki dubu arba'in, ya ba ni dubu goma kafin alƙalami sauran sai an gama. Da daddare ya kawo laftof ɗinsa na zauna na tsara komai. Na buɗe PowerPoint, na sa Window Capture na zaɓi tagar, sai ga silaid na farko ya fito amma da tarkacen gefe, waɗannan ƙananan hotunan na hagu da maɓallan sama. Ni gwani, sai na danne Alt na ja gefunan na yanke su tas, na buɗa shi ya cika fuska. Wallahi in ka gani sai ka rantse silaid ne ake haskawa. Na kwanta ina jin daɗin kaina.

Washegari aka jona forojekta, malam ya danna F5 ya fara. Ni kuma ina can wajen kyamara ina lura kar ya fita daga hoto, OBS na ɓoye a bayan tagogi yana ta ɗauka, ban ƙara leƙa shi ba. Abin da ban lura da shi ba, PowerPoint in ka danna F5 sabuwar taga yake buɗewa daban, ita ce mai suna PowerPoint Slide Show, waccan da na kamo da daddare tagar gyara ce, tana nan zaune ba ta motsi. Aka tashi, na koma shago na buɗe fayil. Awa biyu cur, malam yana kusurwa yana ta "kamar yadda kuke gani a wannan jadawalin", fuska kuwa ba komai sai sunansa da taken lacca. Silaid ɗaya tilo.

Kuskurena ne, ban musa ba. Na kira shi na faɗa masa gaskiya, na ce ya turo min fayil ɗin silaid in kwana biyu ina jera su ɗaya bayan ɗaya a kan muryarsa, kyauta, tunda sauti ya fita garau. Ya ce shi ba ya ba kowa silaid ɗinsa, wai ana satar masa ilimi. Ya ce dai in tura masa abin da aka samu ya gani ko zai yi amfani. Na tura. Shiru, waya ba ya ɗauka. Bayan sati biyu wani ɗalibinsa ya kunna min muryar nan a waya, an cire hoton an raba sautin a guruf ɗinsu. Da mayik ɗina aka ɗauke ta, batirina ya ƙare a kai, dubu talatin ɗina kuwa har yau. In mun haɗu a ɗaurin aure har hannu yake miƙo min. Allah ya isa.

Don haka kai ga yadda za ka yi. Ka fara kunna silaid ɗin tukuna, yana kan haskawa, sannan ka danna Alt+Tab ka koma OBS ka buɗe Window Capture, a jerin Window ka zaɓi wadda aka rubuta PowerPoint Slide Show a jikinta. In ba ka ga wannan rubutun ba to tagar gyara kake shirin kamowa. Abin da ya fi min sauƙi yanzu in babu forojekta, a cikin PowerPoint nake shiga Slide Show, Set Up Slide Show, in zaɓi Browsed by an individual (window), sai silaid ya riƙa gudana a cikin taga maimakon ya mamaye allo, ina ganin OBS a gefe ina ganin silaid. Kar dai a yi minimize ɗin tagar, Window Capture ba ya ɗaukar tagar da aka sauke ƙasa. In kuwa akwai forojekta an raba allo biyu, sa Display Capture ka zaɓi allon forojektan, abin da ɗalibai ke gani shi ke shiga. Amma ka tabbata ba allon laftof ka zaɓa ba, in ba haka ba bayanan sirrin malam na Presenter View za ka ɗauko wa duniya.

Kyamara kuma Video Capture Device ce, kuma ta zauna a saman silaid a jerin Sources, don na sama shi ke rufe na ƙasa. In ka ga kyamara ta ɓace kar ka fara zagin kebul, duba jerin. In canvas ɗinka, wato filin hoton OBS, 1920x1080 ne, ja kyamarar ta koma 480x270, kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin kenan, sai ka danna Ctrl+E ka sa Position a 1420 da 790, za ta zauna ƙasa ta dama da ɗan tazara. To amma malamanmu ka san su, silaid sai sun cika shi da rubutu har gindi kamar takardar kotu. Ka bi silaid ɗinsa tun daga farko ka gani, in kansa zai rufe rubutu, rage silaid ya koma 1440x810 ka jingina shi hagu, filin 480 da ya rage a dama ka sa kyamarar a ciki. Bai kai wancan kyau ba amma ba a rasa ko kalma ɗaya. Ka gama ka danna ɗan kwaɗon nan da ke gefen kowane source don kar hannunka ya goce ya ja shi.

A scene na biyu in za ka sa kyamara zaɓi Add Existing, kar ka ƙirƙiro sabuwa, yawancin kyamarori ba sa yarda a buɗe su sau biyu, sai ɗaya ta yi baƙi. Mayik kuma sa shi a Settings, Audio, Mic/Auxiliary Audio, ta haka yana bin ka kowane scene. In ka sa shi a scene ɗaya kawai, kana sauyawa malam ya zama bebe.

Ranar Asabar ka je da wuri, a jona forojekta da komai, danna Start Recording, ka ce malam ya wuce silaid uku yana magana, tsayar, buɗe fayil ɗin ka kalla da idonka ka ga sun canza. Gwajin daren jiya ba gwaji ba ne, ni shaida ne. Kuma ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka kwance kebul ko ɗaya daga jaka, fayil kuwa kar ya bar hannunka sai cikon ya shigo. Gobe ka biyo shago ka ɗauki ƙaramin tirayifod, babban yana wajen aiki.