Furen Goggo da dariyar Baffa a guruf ɗin gida

Tambaya: "Don Allah 'yan uwa, me ya sa manyanmu ba sa iya tura saƙo sai da 🌹🌹🌹 da 😂😂😂? Goggona ko 'ina kwana' za ta rubuta sai ta jera fure biyar. Mu dai abin banbaraƙwai yake mana, har kunya nake ji idan ƙawayena suka gani."

Ɗiyata, bari in amsa miki a matsayin wadda ke tsakiya. Shekarata arba'in da shida, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Gombe, kuma shekara bakwai ke nan ni ce mai riƙe da guruf ɗin danginmu a WhatsApp, mutum sittin da 'yan kai, daga Jekadafari har Kumo da Dukku. Da safe ina karanta saƙonnin masu shekara saba'in, da rana ina ƙwace wayoyin 'yan shekara sha shida a aji. Na ga hannun kowane ɓangare.

Abin da na fahimta shi ne, Goggonki gaisawa take yi da furen nan. Ki tuna yadda take gaisuwa idan kin je gidanta. Ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida, ya karatu, ya zafi, sannu, sannu dai, a gaishe ki. Sai ta yi minti uku ba ta shiga maganar da ta sa ta kira ki ba. To wannan matar ce aka miƙa wa waya aka ce ta rubuta, da yatsa ɗaya, a kibod ɗin da ba ya jin Hausa, ta rubuta "lafiya" ya gyara mata zuwa wata kalmar da ba ta taɓa gani ba. Idan ta rubuta "ina kwana" tsurarsa ta tura, a kunnenta kamar ta wuce mutum a zaure ne ta ɗaga masa hannu kawai. Furen nan biyar su ne "ya mutan gida, ya zafi, sannu dai" da yatsanta ya gaji bai rubuta ba. Shi ya sa ɗaya ba ya isarta. Wa ya taɓa gaida mutum da "sannu" guda ɗaya ya yi shiru?

Kuma fure a wurinta ba shi da ma'anar da yake da ita a wurinki. Mu ba mu tashi muka ga ana kai wa budurwa fure ba. Toshi turare ne, da sabulu, da atamfa, da kuɗi. Inda Goggo ta san fure shi ne a jikin kwanukan jerenta, a zanen gado, a atamfa, a furen roba da ke kan talabijin a falo, sai hotunan barka da Juma'a da ake turowa da masallaci a tsakiya da furanni kewaye. Ado ne, abin da ake sa wa abu don ya yi kyau a miƙa shi da mutunci. Ke kuwa kin taso da wayar da ta koya miki cewa jan fure na masoya ne, na ranar sha huɗu ga Fabrairu. Shi ya sa idan abokin babanki ya amsa gaisuwarki da 🌹 sai gabanki ya faɗi, shi kuwa bawan Allah yadda ya tura miki haka ya tura wa limamin unguwarsu.

Akwai wani abin da ban lura da shi ba sai a kan mahaifiyata. Ni ce 'yar fari, kuma kin san Fulani da kunyar ɗan fari: Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona a gabana ba. Ranar da aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki, ƙanena ya sa a guruf, kowa yana ta barka. Inna ba ta ce uffan ba. Da daddare sai ga saƙonta ni kaɗai, fure uku, babu ko harafi. Tun da nake da ita ba ta taɓa gaya mini magana mai tsawon wannan ba.

Ita kuma 😂 aikinta daban. Rubutu ba shi da murya, manyanmu kuma mutanen zolaya ne. Kaka na kiran jikanta "mijina marowaci", taubasai na yi wa juna tsiya, Bafulatani da Babarbare ba sa haɗuwa a rabu lafiya. A baki, murya da fuska ke nuna wasa ne. A rubuce kuwa, "kai dai ba ka da amfani" zagi ne tsagwaronsa. Baffana ya taɓa rubuta wa wani taubashinsa irin wannan babu komai a gaba, matar mutumin ta karanta, sai da aka yi sati ana ba da baki. Tun daga ranar kowace jimlarsa da 😂 uku take ƙarewa, ko sanarwar ɗaurin aure ce.

Wayar ma tana da nata laifin. Idan kika buɗe wurin imoji, layin farko na waɗanda kika yi amfani da su kwanan nan ne. Ke kina shiga ciki ki yi ta lalube har ki samo wanda ya dace da abin da ke ranki. Goggo ba ta wuce layin farkon nan. Abin da ta taɓa jiya shi ke gabanta yau, ta sake taɓa shi, ya ƙara zama daram. Na duba wayar Inna, abin da ke layin bai wuce 🌹, 😂, 🙏, 🤲 da ❤️ ba, kuma na tabbata haka yake tun ranar da jikarta ta nuna mata wurin. Sannan a 2022 WhatsApp ya kawo amsa saƙo ta hanyar danne shi, da zaɓi shida: 👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏. Fuska mai fara'a guda ɗaya ce tak a cikinsu. Duk wanda yake so ya nuna ya ji daɗi da fuska, nan zai faɗa.

Ku kuma me ya sa 😂 take muku wani iri? Ba don ba a yayinta a duniya ba. A 2015 masu ƙamus ɗin Oxford ita suka zaɓa a matsayin kalmar shekara, kuma a ƙididdigar da ƙungiyar Unicode mai kula da imoji ta fitar ta 2021 ita ce ta ɗaya a duk imojin duniya. Wannan yawan ne ma ya kashe mata kasuwa a wurinku. Kamar atamfar da ake yayi ce, ranar da kika ga an yi ankonta a biki uku har kakarki ta ɗinka, kin gama sa ta. Sai kuka koma 😭 da 💀 idan abu ya ba ku dariya. Ma'anar ba baƙuwa ba ce, mu ma muna cewa "dariya ta kashe ni", amma ku kuna karanta imoji kamar karin magana, ana faɗin wani abu ana nufin wani. Su kuwa hoto suke gani, abin da aka zana shi ne abin da aka ce. Ɗana ya taɓa sa 💀 a ƙarƙashin hoton Baffa sanye da wata hula mai tsawo. Baffa bai yi magana a guruf ba. Kirana ya yi bayan isha'i, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Yaron nan naki, me na yi masa yake aiko mini da ƙoƙon kan gawa?"

Wuri ɗaya ne nake ganin ya kamata ki sa baki, kuma shi ne ta'aziyya. Bara mijin wata 'yar uwarmu ya rasu, aka sanar a guruf da asuba. Yafendona, mai shekara sittin da takwas, ta rubuta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansa" ta bi shi da 😂😂😂😂. Cikin minti goma 'yar mamacin ta fita daga guruf ɗin. Na kira Yafendo, na same ta tana kuka riris, ta ce ai fuskar mai hawaye ta sa. Ba ƙarya ta yi ba. Daga shekara arba'in zuwa sama ido yana fara kasa ganin abu na kusa, ni kaina sai na nesanta waya nake karatu, imojin kuma a wurin zaɓa bai kai ƙwayar wake ba. Abin da idonta ya kama shi ne rawayar fuska da shuɗin ruwa. Bakin bai fito mata ba.

Yadda za ki gane kuskure ne ba mugunta ba, duba kalmomin da ke gabansa, ki kuma duba ko mutumin ya saba yin haka a duk saƙon rashin lafiya ko rasuwa. Da na koma baya a guruf, sai na ga Yafendo ta yi haka sau huɗu a baya, a kan labarin haɗarin mota da na kwanciya asibiti, ba wanda ya tanka mata saboda nauyinta da ake ji.

Na fara da sa jikarta ta danne saƙon ta zaɓi `Delete for everyone`, wanda yake aiki wajen kwana biyu bayan turawa, bayan haka sai haƙuri. Da yamma na je gidanta da kaina, don irin wannan gyara ba a yi wa babba shi a gaban mutum sittin. Na tura mata 😂 da 😭 da 😢 ɗaya bayan ɗaya, kowanne shi kaɗai a saƙonsa, domin imoji idan ya tafi shi kaɗai yana fitowa da girma. Na ce mata ta manta da hawayen, baki za ta riƙa kallo. 😂 bakinsa a washe yake har haƙora, hawayen na fita ta gefe. 😭 hawayen na zuba miƙe kamar famfo biyu, baki a wangale. 😢 ɗigo ɗaya ne, baki ya kife ƙasa. Ta daɗe tana kallo ta cikin gilashinta, sannan ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha, ashe dariya nake ta yi wa mutane!" Na shiga `Settings` na wayar, wurin `Display`, na ƙara girman rubutu da na allo. Daga ƙarshe muka yi yarjejeniya cewa a saƙon rasuwa ba za ta sa fuska kowace iri ba, 🤲 kawai, ko ta yi saƙon murya, wanda dama ya fi mata sauƙi kuma ya fi kama da zuwa gaisuwa.

Washegari ta sa aka kai ta gidan makokin a Pantami, ta riƙe hannun yarinyar ta yi mata bayani da bakinta. Bayan sadakar bakwai na mayar da yarinyar guruf. Saƙon farko da ya tarbe ta na Yafendo ne, "Sannu da dawowa 'yata", da fure shida a gaba.