Amsa ga Adda a Gombe: mafarkin mai juna biyu

Adda, kin tambaya yadda mu Hausawa mazauna Ingila muke yi da mafarkin mai ciki, tunda 'yarki mai cikin fari, wata takwas, tana ganin jini da naƙuda a barci.

Abin da muka taho da shi daga gida yana nan. In mace ta yi mugun mafarki, ta yi tofi sau uku ta hagunta, ta nemi tsari daga Shaiɗan, ta juya ɗaya gefen, kuma ba ta yaɗa shi. Ta dai koma kwanciyar gefe, domin daga mako na 28 ake hana mai ciki barci a rigingine. Mun rage kai mafarki wurin mai fassara, don an ga yadda kalma ɗaya ke hana yarinya barci har ta haihu.

Dalilin yawan mafarkin ba ɓoyayye ba ne. Barci zagaye yake yi, kowanne kusan minti 90, kuma mafarki mai ƙarfi ya fi zuwa wajen asuba. Wanda ya farka a tsakiyarsa shi ke tuna shi. To mai tsohon ciki fa? Fitsari ya tashe ta, ƙwannafi ya tashe ta, ɗa ya yi motsi. Sai ta wayi gari da mafarki uku a kai. Abin da take tsoro da rana, tiyata ko zubar jini, shi ke biyo ta. Shi ya sa muke cewa ta ci tuwon dare awa uku kafin kwanciya, ta sha ruwanta da rana, ta bar shayi da goro bayan la'asar.

Inda muka ɗan bambanta da gida shi ne maganar ungozoma. A nan tun awon farko take tambayar mace halin zuciyarta, mu kuma ba mu ɗauki amsa mata a matsayin yaɗa mafarki ba, neman magani ne. Misali, wadda ta zubar da jini a haihuwar baya, yanzu mafarkin nan ɗaya yake dawo mata, tana tsoron kwanciya, gabanta na faɗuwa in an ambaci asibiti, ko ta yi mako biyu cikin baƙin ciki, wannan dole ta faɗa. Sai a zauna da ita a tsara haihuwar, a haɗa ta da likitan damuwa.

Ki tambayi 'yarki abin da take gani ido biyu, Adda. Jini, raguwar motsin ɗa, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kowanne ta gani a kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ba sai ranar awo ba.