Wai gem ne ke cinye maka data? Auna ka gani

Tambaya: Malam ina sa 1GB don buga Free Fire, kwana biyu ta ƙare. Ta yaya zan san nawa kowane zama yake ci?

Amsa: Wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, kowa sai ya ɗora wa gem laifi alhali bai taɓa aunawa ko sau ɗaya ba. Taswira da bindigogi da duk hotunan da kake gani suna cikin wayarka tun ranar da ka sauke su, abin da ke kai-kawo tsakaninka da sabar gem ɗin ɗan bayani ne kawai, ina ka tsaya, ina ka harba.

Kafin ka fara, shiga Settings ka nemo Data usage, ka taɓa sunan gem ɗin ka rubuta lambar a takarda. A takarda na ce, don na san kanka ba zai riƙe ba. Buga na awa ɗaya ka koma ka sake dubawa. A ce da farko 312MB ne yanzu ya zama 352MB, to zaman ya ci 40MB kenan, a haka 1GB ya kamata ta kai ka wajen awa 25. In ta ƙare a kwana biyu ɓarawon yana wani wuri daban. Maimaita sau uku a ranaku daban-daban, domin in ka faɗa ranar da gem ya sauke afdet ko sabuwar taswira za ka ga lambar ta yi tsalle da ɗaruruwan MB, wannan ba wasan ba ne.

A shafin nan na Data usage za ka ga Foreground da Background. Na biyun shi ne abin da manhaja ta sha lokacin da ba ka amfani da ita, ko da kana barci. Duba na sauran manhajojin ma, musamman masu bidiyo, sannan ka je Play Store ka mayar da Auto-update apps zuwa waifai kaɗai. Kuma don Allah a daina auna zama da duba balans, shi yana haɗa cin kowace manhaja ne, wani lokacin ma lissafinsa na jinkiri.

Tambaya: In na rage kyan hoto data za ta ragu?

Amsa: A'a. Cin batir da zafin waya ne za su ragu. Kashe hirar murya in ba dole, ka kuma bar kallon tallan bidiyo don kyautar tsaba.

Tambaya: Ni iPhone gare ni, ban ga inda zan auna ba.

Amsa: Settings, Cellular ko Mobile Data, gangara can ƙasa ka danna Reset Statistics kafin ka fara wasa. Abin da ka tarar ƙarƙashin sunan gem ɗin bayan ka gama shi ne cin zaman.