Tambayoyi a kan gajeriyar waƙa: daga hadda zuwa nazari

"Malamai, ina koyar da adabi a SS1. Ɗalibaina suna amsa 'baiti nawa ne?' da sauri, amma da na ce su yi nazari sai aji ya yi tsit. Yaya zan tsara tambayoyina?"

Malama, na daɗe ina fama da wannan shirun kafin na gane cewa tsalle nake sa yara su yi, alhali tsani suke buƙata. Ga wata 'yar ƙwar biyu da na rubuta wa ajina:

Rijiyar gidanmu ta ƙafe bana,
Guga ya dawo yana kukan ƙishirwa.
Da can maƙwabta na sallama da asuba,
Yau ko mai tambayar lafiya ba kowa.

Tambayoyin hadda biyu sun isa: baiti nawa ne, mene ne amsa-amon waje? Za su ce biyu, kuma "wa". Kada wannan ya ci fiye da minti 5 cikin 40. Daga nan sai in ce a rufe littafi, wani ya faɗa mini da bakinsa abin da ya sami gidan nan. Idan ba su iya cewa ruwa ya ƙare kuma mutane sun ɗauke ƙafa ba, kada ki ci gaba.

A mataki na gaba ne na fi yin kuskure a da. Sai in tambaya, "Wane salo ne a ɗango na biyu?" Yaro ya ce mutuntarwa, in ji daɗi, ina zaton ya yi nazari. Ashe suna kawai ya tuno. Yanzu da ya faɗi sunan, sai in goge "guga" a allo in rubuta "mai gida", in ce me waƙar ta rasa? Wata yarinya ta taɓa amsa mini cewa guga shi ke shayar da kowa, to idan har shi ke kukan ƙishirwa, ai mai bayarwa ne ya koma mai nema. Ban taɓa faɗa musu haka ba.

Sai tambayar da ke haɗa wuri biyu: me maƙwabta ke zuwa nema da asuba, kuma wace kalma a baitin farko ta nuna haka? Dole yaro ya koma kan "rijiya", ya auna "da can" da "yau". Ma'aunina ke nan: idan yatsa ɗaya ya isa a nuna amsar a shafi, tambayar ba ta kai nazari ba tukuna.

"Mene ne jigo?" kuwa ki ajiye ta sai ƙarshe, kuma don Allah kada ki ba su jigon a rubuce kafin darasi. Idan kika ga littattafai 30 duk sun ce "butulci" da jimla iri ɗaya, hadda aka yi miki. Ki ce kowa ya kawo ɗangon da ya dogara da shi, sannan ki ƙirga goma a zuci kafin ki nuna wanda zai amsa.