Idan an raba iko, me ya sa shugaban ƙasa ke naɗa alƙalai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da darasin zama ɗan ƙasa a wata makarantar sakandare a Garwa, a ƙasar Kamaru. Ɗalibaina sun haddace cewa iko kashi uku ne, amma wani ya tambaye ni: in da gaske an raba, me ya sa shugaban ƙasa ke naɗa alƙalai da wasu sanatoci? Yaya zan sauƙaƙa musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rabon iko ba ya nufin ɓangarorin uku ba sa taɓa juna, domin babu ƙasar da ake mulki a haka. Abin da ake nufi shi ne kada hannu ɗaya ya rubuta doka, ya aiwatar da ita, sannan ya yanke hukunci idan an yi gardama a kanta. Masanin nan na Faransa, Montesquieu, wanda ya shahara da wannan ra'ayi tun 1748, damuwarsa ita ce duk wanda ya riƙe iko yakan wuce gona da iri sai ya tarar da abin da ya tare shi. Saboda haka tambayar da za ki koya wa yara su riƙa yi a kowane mataki ita ce: wa ke da ikon cewa a'a a nan, kuma da wane sharaɗi?

Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗauki abu guda ki bi shi daga farko har ƙarshe, kuma haraji ya fi komai dacewa. A ƙaddara gwamnati tana son a riƙa karɓar sefa 1,000 a kan kowace saniya da aka sayar a kara. Wannan misali ne kawai, amma matakan da zai bi na gaske ne. Tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairu 1996, a sashe na 26, ya sa ƙirƙiro haraji da ƙayyade yawansa da yadda za a karɓe shi cikin abubuwan da sai doka ce ke tsara su. Don haka minista ba zai wayi gari ya ƙago shi da sa hannunsa ba, dole a kai ƙuduri gaban Majalisar Dokoki mai wakilai 180, daga nan kuma ya wuce Majalisar Dattawa mai sanatoci 100. Dattawa suna iya amincewa, ko su yi gyara, ko su ƙi, amma idan sun ƙi, Majalisar Dokoki tana iya tabbatar da ƙudurin muddin fiye da rabin dukkan wakilanta suka goyi bayansa.

Bayan majalisa ta gama, shugaban ƙasa yana da kwana 15 ya sa hannu, sai dai idan ya nemi a sake duba ƙudurin ko ya miƙa shi ga Majalisar Tsarin Mulki, wadda ke duba ko doka ta dace da tsarin mulki. Da zarar ya zama doka, aiki ya koma hannun ɓangaren zartarwa, wato gwamnati da ma'aikatanta, waɗanda za su buga rasit, su tura masu karɓa, su zuba kuɗin a baitulmali. Suna da ikon tsara yadda aikin zai gudana, amma ba su da ikon ƙara ko sisi a kan abin da doka ta yanka.

A nan ne misalin ke yin daɗi a aji. A ce wani jami'in mulki ya fitar da takarda cewa a yankinsa sefa 2,000 za a biya. Ɗan kasuwar da abin ya shafa zai fara rubuta koke ga hukumar da ta yanke shawarar, yana neman ta janye. Idan ta ƙi, ko ta yi shiru har wata uku, wanda doka ke ɗauka a matsayin ƙi, sai ya shigar da ƙara a kotun da ke sauraron ƙorafi a kan hukumomi, irin wadda ke Garwa ko Marwa. Alƙali ba zai duba ko harajin yana da kyau ko ba shi da kyau ba, domin wannan hurumin majalisa ne. Abin da zai duba shi ne ko jami'in ya tsaya inda doka ta tsayar da shi, kuma idan ya ƙetare, sai a soke takardar. Mutane da yawa suna faɗuwa a wannan shari'a tun kafin a saurare su, saboda sun tsallake koken farko ko sun bari wa'adi ya wuce.

Maganar naɗi kuwa, sashe na 37 ya ce ɓangaren shari'a yana cin gashin kansa daga na zartarwa da na dokoki, kuma alƙali ba ya bin komai wajen yanke hukunci sai doka da lamirinsa. Amma wannan sashen ne dai ya ce shugaban ƙasa ke naɗa alƙalai, tare da shawarar Majalisar Ƙoli ta Alƙalai, wadda shi ne ke shugabantarta. Naɗin shi kaɗai ba ya rushe rabon iko, domin ko a Amurka shugaban ƙasa ne ke gabatar da alƙalan tarayya. Bambancin shi ne a can sai Majalisar Dattawa ta amince, kuma wanda aka naɗa yana riƙe kujerarsa har ƙarshen rai in bai yi laifin tsigewa ba. Ma'aunin ke nan: bayan naɗi, wa ke riƙe da ƙarin girman alƙali da sauyin wurin aikinsa da ladabtar da shi? A ganina nan ne tsarinmu ya fi rauni, domin alƙalin da ya san ana iya ɗauke shi daga Yawunde a kai shi wani lungu zai yi tunani sau biyu, ko da kuwa babu wanda ya ce masa uffan.

Sanatoci ma haka ne: kowanne daga cikin yankuna goma yana da sanata goma, bakwai zaɓaɓɓu, uku naɗaɗɗu, ke nan shugaban ƙasa yana naɗa 30 cikin 100. Gaskiya ita ce tsarin mulkin 1996 ya raba ayyuka, amma ya rinjayar da nauyi wajen shugaban ƙasa, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibai wannan ba. Majalisar Dokoki tana iya kayar da gwamnati da ƙuri'ar rashin amincewa, sai dai ana bukatar sa hannun kashi ɗaya cikin uku na wakilai, wato 60, kafin a gabatar da batun, sannan kashi biyu cikin uku, wato 120, kafin ya wuce. Ko an yi nasara, firaminista da ministocinsa abin ya shafa, kuma shugaban ƙasa yana iya sake naɗa shi firaministan, kamar yadda yake da ikon rusa majalisar kanta.

Akwai kuma wata gaɓa da za ki rufe misalin harajin da ita. Idan ba jami'in ne ya saɓa wa doka ba, dokar ce kanta ta saɓa wa tsarin mulki, to maganar ta koma Majalisar Tsarin Mulki mai mambobi 11, wadda aka tanada tun 1996 amma ba a naɗa mambobinta ba sai a 2018. Ɗan kasuwar shanu ba shi da hanyar kai ƙara can da kansa. Masu wannan dama su ne shugaban ƙasa, shugabannin majalisun biyu, kashi ɗaya cikin uku na wakilai ko na sanatoci, da shugabannin yankuna idan abin ya taɓa yankinsu, kuma sai sun yi hakan kafin a sa wa dokar hannu.